Shinkafa da Miya a Bayan Babur: Yadda Ake Sa Kuɗi da Ɗaure Abincin Aike

Mai sayar da abinci a rumfa ko a shago ba ta da wata damuwa da zarar ta zuba a faranti ta miƙa. Mai saye yana zaune a gabanta, abincin yana turiri, in ya gama a wanke farantin a zuba wa wani. Wadda take girki a gida tana karɓar oda ta WhatsApp ko Instagram kuwa, aikinta bai ƙare ba sai an buɗe robar a wani ofis ko wani gida da ke can wata unguwa, bayan rabin awa ko fiye. A tsakanin tukunya da wannan ƙofar ne zafin abinci yake tafiya, nan ne kuma ribar take zurarewa. Masu sana'ar da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu daban, alhali tushensu ɗaya ne: nisan tafiya da abin da aka zuba abincin a ciki. Duk minti goma da aka ƙara a hanya yana rage zafi, yana kuma ƙara kuɗin mai.

Bari mu ɗauki abinci guda ɗaya mu bi shi har ƙarshe, wato farar shinkafa da miyar tumatir da yankan kaza da ɗan haɗin kabeji, irin wanda ma'aikatan banki da na asibiti suke aikawa a kawo musu da rana a Kano. A ce mai girkin tana zaune a Tarauni. Kuɗaɗen da za su biyo baya misali ne kawai domin a ga yadda lissafin yake tafiya, tunda farashin kasuwa ba ya zama wuri ɗaya. Kowa sai ta cire nawa ta sa nata.

Nawa roba ɗaya take ci?

Ta dafa shinkafa kilo 5, a ce naira 8,000. Shinkafa tana kumbura ta ninka nauyinta sau biyu da rabi zuwa uku, saboda haka za a sami wajen kilo 13 na dafaffiya. In ana zuba giram 400 a kowace roba, a takarda za a ce roba 32 ce, amma ƙanzo zai ci nasa, hannu ma ya kan zarce, don haka a bar shi a 30. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa sun ci 8,000, mai ya ci 6,000, gishiri da kayan ɗanɗano da na ƙamshi 2,000. Kaji huɗu a kan 8,000 kowace, 32,000 ke nan, a yanka kowace gida takwas. Kabeji da karas da abin haɗa su 3,000, gas da ruwa 4,000. Jimilla naira 63,000. In aka raba gida 30, kowace roba ta tashi a kan 2,100.

A nan mafi yawan masu sana'ar suke tsayawa. Ta ga 2,100, ta ga maƙwabciyarta tana sayarwa 3,500, sai ta ce ribarta 1,400 a kowace roba, ta yi hamdala. Sai wata ya ƙare ta duba asusu ta rasa inda kuɗin ya shiga.

Abu na farko da ya ɓace mata shi ne ba roba 30 ake sayarwa ba. Akwai wadda ta rage da yamma yara suka ci, akwai wadda aka ba ɗan aike ko aka ƙara wa wata tsohuwar kwastoma. In 28 aka sayar, to a kan 28 za a raba 63,000 ɗin nan, sai kowace ta koma 2,250. Na biyu, kayan zubawa. Babbar robar shinkafa 150, ƙaramar ta miya 80, ta kabeji 50, cokali da tishu 30, leda 30, salatef da 'yar takardar suna 10. Wannan 350 ne, kuma ya bambanta da faranti domin ba ya dawowa a wanke. Mun kai 2,600. Na uku, kuɗin da ba ya shiga tukunya amma dole a kashe shi kullum: yarinyar da take taya aiki 3,000, kuɗin mota zuwa kasuwar 'Yankaba da dawowa da dako 2,200, data da katin waya 1,000, sai ladan ita kanta mai girkin, a ce 5,000. Wasu sukan yi dariya in aka ce su sa wa kansu lada, su ce ai ribar ita ce ladansu. Amma ranar da ta kwanta rashin lafiya ta ɗauko wata ta tsaya mata, sai ta biya, kuma in farashin bai ɗauki wannan kuɗin ba sana'ar ta tsaya ke nan. Waɗannan huɗun sun haɗu 11,200, in aka raba wa roba 28 kowace ta ɗauki 400.

Ashe robar da ake zaton 2,100 ce, naira 3,000 take ci kafin ta bar ƙofar gida. A kan 3,500 ribar 500 ce, ba 1,400 ba. Yanzu a ce don ta jawo kasuwa ta rubuta a shafinta cewa kaiwa kyauta ne, ɗan aike kuma yana karɓar 1,000 zuwa Titin Gidan Zoo. Duk wanda ya sayi roba ɗaya ta yi asarar 500 a kansa, kuma yawan odar da take murna da shi yawan asara ne.

Akwai wani ɗan tuntuɓe a wajen ɗora riba wanda ya kamata a tsaya a kansa, domin yana kayar da har waɗanda suka yi boko. Tana so a ce a cikin kowace naira 100 da ta shigo, 25 riba ce. Sai ta ɗauki 3,000 ta ƙara kashi 25 cikin ɗari, ta sami 3,750. Amma ribar 750 a cikin 3,750 kashi 20 ce kawai. Hanyar da take daidai ita ce a ce, in riba 25 ce to kuɗin da aka kashe shi ne 75 ɗin da ya rage, sai a raba 3,000 da 0.75, a sami 4,000. A kan 4,000 ribar 1,000 ce cif, wato rubu'in kuɗin da aka karɓa.

Wannan lissafin ya fi ciwo in ana sayarwa ta manhajar kamfanonin kai abinci, domin suna cire kamashonsu ne daga farashin da mai saye ya biya. A ce kamfanin yana cire kashi 20. Mai girki tana so 4,000 ɗinta ta iso hannunta, sai ta ƙara kashi 20 ta rubuta 4,800. Kamfani ya cire 960, ya bar mata 3,840. Da ta raba 4,000 da 0.8 da ta ga 5,000 ne farashin da ya kamata ta sa. Naira 160 a roba ɗaya ba ta cika ido, amma a roba 28 ta kusa kai ladan mai girkin na yini guda. Shi ya sa ba laifi ba ne farashin manhaja ya ɗara na wanda ya zo da ƙafarsa, matuƙar yarjejeniyar da aka yi da kamfanin ta yarda. Kuma bai kamata mutum ya jingina duk kasuwarsa a kan manhaja ɗaya ba: a watan Disamba na 2023 Jumia Food da Bolt Food duk sun daina aikin kai abinci a Najeriya, waɗanda ba su riƙe lambobin masu sayensu ba sai da suka sake nema daga farko.

Kuɗin tafiya na tafiya ne, ba na roba ba

Ɗan aike ba ya tambaya roba nawa ce a jakar, nisa yake dubawa. Naira 1,000 ɗin nan in roba ɗaya aka kai, ita kaɗai ta ɗauka, ta cinye ribar gaba ɗaya. In roba biyar aka kai ofis ɗaya, kowace 200 kawai ta ɗauka. Daga nan duk wata dabara ta kaiwa take fitowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin hawa babur da adaidaita sahu ya zama abin da ba a iya haɗiye shi a yi shiru, don haka gara a rubuta shi a fili, daban da kuɗin abinci.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba gari gida uku a saka wa kowanne kuɗinsa tun kafin a tambaya. Ga mai girkinmu ta Tarauni, unguwannin da suke kusa kamar Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro da Titin Gidan Zoo su ne zagaye na farko. Na biyu ya ɗan fi nisa da kuɗi, kamar Nasarawa da Sabon Gari. Na uku kuwa, irin su Kabuga da Rijiyar Zaki da Kurna, sai dai ga oda mai yawa wadda aka sanar tun jiya, in ba haka ba a ba da haƙuri. Ba da haƙurin nan yana da wuya, musamman ga wadda ta fara sana'a tana ganin kowane saƙo kamar arziki ne ya ƙwanƙwasa. Amma roba ɗaya zuwa Rijiyar Zaki da tsakar rana, lokacin da 'yan makaranta suke tashi, za ta isa da sanyi, ɗan aike zai ɓata fiye da awa ɗaya a kanta, odar mutum uku na kusa kuma za ta makara saboda ita.

In ana son a ce kyauta ne, to a ɗaure shi da sharaɗi: daga roba uku zuwa sama, a zagaye na farko kaɗai. Ribar roba uku 3,000 ce, an cire 1,000, saura 2,000, kuma mai saye zai juya ya tambayi abokan aikinsa ko akwai mai so don a cika ukun. Haka nan a sa lokutan fita, misali ƙarfe 12:30 da 1:30 da 2:30, a rufe karɓar oda minti 30 kafin kowanne. Tafiya ɗaya sai ta sauke wa mutum uku ko huɗu da suke hanya ɗaya. Amma kada a wuce haka, domin na ƙarshe a layi shi ne zai karɓi mai sanyi. Ranar Juma'a ana tare wasu tituna saboda masallaci, sai a fita kafin lokacin ko a jira a sauko. Da azumi kuwa kowa yana son nasa ya iso dab da shan ruwa, daidai lokacin da titi ya fi cushewa kuma ɗan aiken ma yana sauri ya koma gida, saboda haka kayan buɗa-baki su bar gida da wuri a cikin kula mai kyau.

Batun biya gajere ne: kuɗi ya shigo kafin abinci ya fita, kuma a duba cikin asusu, kada a tsaya ga hoton rasit da aka turo. Oda ɗaya da aka kai aka tarar waya a kashe ta ci 3,000 na abinci da 1,000 na tafiya, wato ribar roba huɗu.

Inda zafi yake bi ya fita

Zafin abinci ba maganar daɗi kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a riƙe dafaffen abinci a sama da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas har zuwa lokacin ci, kada kuma a bar shi a zafin ɗaki fiye da awa biyu, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Shinkafa tana da nata haɗarin na musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da take iya tsira daga dahuwa a cikinta, in shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba mai sa amai, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Wato shinkafar da aka zuba a roba tun ƙarfe 11 aka jera a kan tebur ana jiran oda, aka kai ta ƙarfe 2, ko da ba ta canja wari ba tana iya kwantar da mutum. Ƙa'idar farko ke nan: abinci ya zauna a tukunya a kan ƙaramar wuta, ko a babbar kula, ba a zubawa sai ɗan aike ya iso ko ya ce ga shi a bakin layi. Minti goma da roba ta yi a buɗe a kan tebur, ƙarƙashin fanka, sun fi minti goma na cikin jaka ɓarna nesa ba kusa ba.

Abu kaɗan ya fi mai yawa saurin hucewa, kowace uwar gida ta san wannan daga tuwon da ya rage a kwano. Dalilin shi ne zafi ta jiki yake fita, ƙaramin abu kuwa jikinsa yana da yawa in aka gwada da cikinsa. Saboda haka shinkafa giram 400 da aka shimfiɗa a faffaɗar roba mai ɗaukar ninkinta za ta riga wadda aka cika a roba mai zurfi daidai ita yin sanyi. Masu sana'a suna son babbar roba don abinci ya yi kwarjini, amma sun biya kuɗin roba mafi tsada sun kuma sayi sanyi. A zaɓi robar da abincin zai kusa cika ta. Haka nan in roba biyar za su tafi tare, a jera su a manne da juna, ɗaya kan ɗaya, domin kowace tana tare wa 'yar'uwarta.

Sai abin da ake sa su a ciki. Leda kaɗai a rataye a hannun babur ita ce mafi munin hanya, domin iskar gudu tana kwashe zafi kamar yadda ake fifita koko da ludayi, balle da hunturu. Ana bukatar jaka mai soso da ƙyalli a ciki, ko kula irin ta biki da aka ɗaure a bayan babur. Kular ma in da sanyinta aka sa abinci, ita za ta fara shan zafin. A zuba mata ruwan zafi a rufe na minti biyar, a zubar a goge, sannan a jera robobin. In akwai sarari a sama a cusa tawul mai tsabta, yana hana iska yawo kuma yana hana robobin tsalle in an faɗa rami. A gaya wa ɗan aike ya jera su bisa tsarin saukewa, na farko a sama, don kada ya tsaya yana tono da murfi a buɗe.

Kuskuren da aka fi yi, kuma mafi sauƙin gyara, shi ne haɗa mai zafi da mai sanyi a leda ɗaya. Zoɓo mai ƙanƙara a jikin robar shinkafa yana sanyaya shinkafar, ita kuma tana ɗumama zoɓon, kowa ya yi asara. Haɗin kabeji ma in ya sha zafi sai ya yi laushi ya saki ruwa, in da mayonis a ciki kuma ya zama abin tsoro. Su tafi a tasu ledar, a wajen kula.

Turiri: abokin shinkafa, maƙiyin suya

Ba kowane abinci ne yake son a rufe shi ruf ba. Abinci mai zafi yana fitar da turiri, turirin ya bugi murfi ya koma ruwa ya ɗiga. Ga shinkafa da miya da farfesu wannan ba komai ba ne, rufewar ma ita ake so. Ga soyayyar kaza da dankali da doya da ƙosai da masa kuwa, wannan ɗigon shi yake mayar da su lagwaf. In aka ɗora kazar a kan shinkafa aka danne da murfi, kafin a isa fatar ta jiƙe ta saki mai a cikin shinkafar. Gyaran shi ne a tsane ta a matsami na minti ɗaya ko biyu bayan an kwashe, a naɗe ta a farar takardar abinci ko a sa ta a kwalin da yake da 'yan huji, a ɗora a saman kaya. Za ta ɗan rage zafi fiye da in an rufe ta, amma mai ci ya fi yafe wa kaza mai ɗumi da ƙarfinta a kan mai zafi da ta jiƙe. Kada a yi amfani da jarida ko takardar da aka yi rubutu a kai, domin mai yana narkar da tawada.

Miya kuwa a robarta daban, ko da hakan ya ƙara naira 80. Farar shinkafa in ta zauna da miya na rabin awa sai ta shanye ta, mai saye ya buɗe ya ga kamar an yi masa rowa, alhali an zuba masa ludayi cikakke. Kada a cika robar miya har baki, a bar kamar faɗin yatsa, a shimfiɗa siririyar ledar rufe abinci a bakin kafin a danna murfi, a ɗaure da salatef. Salatef ɗin yana da amfani na biyu, wato mai saye ya ga ba a buɗe a hanya ba, ɗan aike ma ya tsira daga zargi. Taliya da makaroni suna ci gaba da nuna a cikin zafinsu, don haka a sauke su da ɗan saura. Tuwo ya fi kowa haƙuri, malmala a naɗe takan riƙe zafi sosai, matsalarsa miyar kuka ko kuɓewa ce da take yin kauri in ta huce, sai a zuba ta tana tafasa.

Game da irin robar, a juya ƙasanta a duba. Wadda aka buga wa lamba 5 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, da haruffan PP, ita ce take jure zafi da mai, murfinta kuma yakan kama sosai. Mai lamba 1, irin garau ɗin nan ta ruwan gora, ta kayan sanyi ce, miya mai zafi tana lanƙwasa ta. Farar ta soso mai lamba 6 tana da arha kuma tana riƙe zafi ba laifi, amma murfinta ba ya hana zuba, mai mai zafi kuma yana cin jikinta, za a ga wurin ya lotsa. Jihar Legas ta haramta irinta a watan Janairu na 2024, kuma wanda yake shirin daɗewa a sana'ar gara ya fara sabawa da wata. Kwanon alminiyam mai murfin kwali yana da kyau ga dafa-duka da gasasshen nama, sai dai jikinsa yana ba da zafi da sauri, dole sai an sa shi a jaka. Baƙar leda kuwa ta ɗaukar kaya ce, ba a yi ta don ta taɓa abinci mai zafi ba. Kafin a sayi dozin-dozin na kowace roba a Sabon Gari, a sayi biyu a gwada: a zuba ruwan zafi, a rufe, a kifa, a girgiza a kan farin tishu. In ya jiƙe, to manja ma zai fita.

Gwajin da yake yanke iyaka

Duk abin da aka faɗa a sama ana iya auna shi da ɗan ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake samu a shagunan kayan kicin. A zuba roba uku yadda aka saba, a auna a rubuta, a sa su a kula a ba ɗan aike ya yi yawonsa da su. A buɗe ta farko bayan minti 20, ta biyu bayan 40, ta uku bayan awa ɗaya, ana soka tsinken a tsakiya da kuma gefe, domin gefe ne yake fara sanyi. Lokacin da shinkafar ta sauko kusa da digiri 60 shi ne iyakar tafiyarta, kuma duk unguwar da ba a isa cikin wannan lokacin da cunkoson rana ta fita daga zagayen. A ɗanɗana kuma, domin ma'auni ba ya faɗin ko kaza ta jiƙe. A maimaita gwajin da hunturu, sakamakon watan Afrilu ba zai yi aiki a Janairu ba.

Sakamakon yakan kai mai girki ga zaɓi na kuɗi. A ce da leda kaɗai shinkafar minti 20 take kaiwa, da jaka mai soso kuma ta kai 45. In jakar naira 25,000 ce kuma za ta yi wata shida ana aiki da ita kwana 25 a wata, kwana 150 ke nan, kusan naira 170 a rana, wato kamar naira 6 a kowace roba cikin 28 ɗin nan. Wannan naira 6 ita ce ta buɗe mata zagaye na biyu gaba ɗaya. Kwali mai launi da aka buga wa suna kuwa, mai ƙara 200 a kowace oda, ba ya ƙara ko digiri ɗaya, kuma a roba 28 ya ci 5,600 a yini, fiye da ladan mai girkin. In kasuwarta ta masu biyan 6,000 ce a unguwannin masu hali, yana iya biyan kansa. Ga ma'aikacin da yake ƙirga kuɗin abincin rana, 'yar takardar suna mai lambar waya ta wadatar.

Farashin kaya yana motsi, musamman tumatir da yakan yi tsada da damina, don haka lissafin farko ba a yinsa sau ɗaya a ajiye. A riƙe littafi, duk mako biyu a sake raba kuɗin tukunya da yawan robar da aka sayar. In kuɗin roba ɗaya ya tashi daga 3,000 zuwa 3,300, farashin da zai riƙe ribar rubu'i ya zama 4,400. Da yawa sukan ji nauyin faɗa, sai su rage ludayi ko su yanka kaza gida goma a ɓoye, mai saye kuwa yana ganewa tun a buɗewar farko, tunda robar da ya saba gani a cike ce ta zo da rami, kuma kamar yadda aka gani a baya, robar da ba ta cika ba ta fi saurin hucewa. Hanya mafi tsabta ita ce a sanar da sabon farashi kwana biyu ko uku kafin ya fara aiki, a kuma fito da ƙaramar roba mai giram 300 da rabin yankan kaza a kan kuɗin da ya yi ƙasa da tsohon farashi, a lissafa ta ita ma daga tushe, domin kuɗin cokali da leda da robar miya da ladan aiki ba sa raguwa don shinkafar ta ragu.